Bututun Da Bai Kai Unguwar Ƙasa Ba

A kwarin Rasht, duk wanda ya haura shekara arba'in ya san Davlatyor Kalandarov, ko da ba a ido ba. Tun zamanin gonakin gwamnati shi ne injiniyan ruwa na yankin, kuma magudanan da ke shayar da gonakin dankali da lambunan tuffa, da yawansu da ƙafarsa ya auna su. Da yaƙi ya zo ya wuce, aikin gwamnati ya lalace, sai ya koma koyar da awo da zanen taswira a kwalejin fasaha. Ɗalibansa sun sha wuya a hannunsa. Idan ya ga kuskure a takarda ba ya faɗa, sai dai ya ɗago kai ya dubi mai ita ta saman tabarau, ya miƙa masa abarsa. Tun daga lokacin sunan Malam ya bi shi, har matarsa Gulandom haka take kiransa idan tana son tsokana.

Bayan ya yi ritaya ya kafa wata ƙaramar ƙungiya mai aikin ruwan sha. Ofishinsu ɗaki biyu ne a bayan kantin sayar da magani. Shi ne shugaba, shi ne injiniya, sai akanta, Mavjuda, mace mai ƙarancin magana wadda ta taɓa aiki a banki. Aiki mafi girma da suka taɓa samu shi ne na ƙauyen Sangob. Wata gidauniya ta ƙasar waje mai ofishi a Dushanbe, babban birnin ƙasar, ta ba su tallafi don su jawo ruwa daga wani idon ruwa da ke kan dutse, su sauko da shi ta bututu har cikin ƙauyen. Sangob unguwa biyu ce. Unguwar Sama tana kusa da dutsen, Unguwar Ƙasa kuwa tana can hayin wani kwazazzabo, kuma matanta ne suka fi shan wahala, don daga kogi suke ɗebo ruwa, hanyar kuma gangare ce.

Jami'ar da gidauniyar ta ɗora wa kula da wannan tallafi ita ce Farangis, tsohuwar ɗalibarsa. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, ita ta miƙe ta zuba masa shayi a gaban abokan aikinta, ta ce musu, "Wannan Malamina ne. Lissafinsa ba ya buƙatar a sake dubawa." Ya ji daɗin maganar har ya maimaita wa Gulandom ita a gida.

Aiki ya tafi lafiya har ƙarshen watan Agusta. An gina ma'ajiyar ruwa, mutanen ƙauye sun haƙa rami da gayya, an binne bututu har tsakiyar Unguwar Sama. Wata safiya Davlatyor ya tsaya a gaban ragowar bututun da aka jibge a farfajiyar makaranta, ya dube shi, ya dubi hayin kwazazzabo, sai ya ga kamar bututun ba zai kai ba. Ya gangara shi kaɗai yana dogara sanda. Kwazazzabon da ya sani yana saurayi, wanda yaro ke tsallakewa, ambaliyar laka ta shekarun baya ta yage shi ya zama wani ƙaton rami mai zabtarewa. Bututu ba zai ratsa ta nan ba, sai an zagaya da shi ta wajen gada, kuma zagayen ya kusa kilomita guda.

Ya san yadda aka yi. Lokacin da yake rubuta takardar neman tallafin, gwiwarsa na ciwo. Ya auna hanya daga idon ruwa zuwa Unguwar Sama da kansa, sauran kuwa ya ɗauko daga tsohuwar taswirar da shi ya zana, yana ganin ai babu wanda ya fi shi sanin wurin.

Sai da ya kwana biyu kafin ya faɗa wa Mavjuda. Ta jawo kasafin kuɗin aikin ta shimfiɗa a tebur.

"Kuɗin suna nan, Malam," in ji ta. "Sai dai ba a layin kayan aiki suke ba. Ga layin ziyarar da za a kai kwamitin ruwa su ga yadda wani ƙauye ke tafiyar da nasu, ba a taɓa shi ba. Ga layin horaswa, saura rabi. Ga ɗan abin da ya rage a layin man mota. Idan aka haɗa, za su sayi bututun."

"To a haɗa mana."

"Ba ni da iko, kai ma ba ka da shi. Yarjejeniya ta ce abin da bai wuce kashi goma cikin ɗari ba muna iya matsar da shi mu sanar da su. Wannan damar mun cinye yawancinta da siminti ya tashi. Wannan kuwa ya ninka haka. Sai mun rubuta wasiƙa, sun amince a rubuce, sannan mu taɓa ko somoni ɗaya. Idan muka riga muka kashe, masu binciken kuɗi za su ce ba ya cikin lissafi, mu biya daga aljihunmu."

"Wasiƙa zuwa ga wa?"

Ta dube shi. Ya san amsa, hannun Farangis za ta fara shiga.

"Sukan ɗauki wata guda, ko fiye," ta ƙara da cewa, "don sai ta je babban ofishinsu. Ƙasa kuma tana daskarewa a tsakiyar Nuwamba. Idan ka rubuta a makon nan, muna da lokaci."

Wasiƙar ba mai wuya ba ce, ya rubuta irinta a baya. A sa lambar yarjejeniya, a faɗi layin da za a rage da wanda za a ƙara da adadin kowanne, a tabbatar cewa jimillar tallafin ba ta canza ba kuma manufar aikin tana nan, a haɗa da sabon jadawalin kasafi da takardun farashi daga 'yan kasuwa, a sa hannu, a buga hatimi. Duk wannan ya gama a zama ɗaya. Wurin da ya tsaya shi ne sakin layin da ake bayyana dalili.

Ya rubuta cewa farashin bututu ya tashi. Mavjuda ta karanta, ta ajiye takardar.

"Bai tashi ba. Takardun farashin da za mu haɗa su ne za su ƙaryata mu. Kuma ba tsadar mita muke nema ba, yawan mitoci muke nema."

Ya tafi da ita gida, ya dawo da wata. A wannan ya ce ambaliya ta lalata hanyar bututun.

"Yaushe?" ta tambaya.

"Ai ambaliyar ce ta lalata ta."

"Shekara nawa kafin mu rubuta takardar neman tallafin? Malam, Farangis 'yar yankin nan ce. Waya ɗaya za ta buga wa gwaggonta."

Ransa ya ɓaci. Ya ce mata tun ba a haife ta ba yake aikin ruwa. Ta ce haka ne. Ya ce akwai ɗan kasuwar da zai ba su bututun yanzu, ya rubuta rasit daga baya da kwanan watan da suke so. Ta rufe fayil ɗin a hankali, ta ce, "Wannan sai dai ka nemi wata akantar." Bai sake ɗago zancen ba, amma wasiƙar ma bai sake ɗago ta ba.

Satumba ta shigo. Ya tsiri ayyukan da ba su da gaggawa. Ya sa aka sake fentin ƙofar ma'ajiyar ruwa, ya yi ta zirga-zirga a kan gwajin tsabtar ruwa. Kullum da safe Mavjuda takan ajiye masa fayil ɗin a gefen kofin shayinsa, shi kuma ya ɗora jarida a kai. A zuciyarsa yana ta neman wata hanyar da bututun zai bi ya gajarta, ya zana, ya goge, alhali ya san babu.

A Sangob, Bobo Safar, dattijon da ke shugabantar kwamitin ruwa, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Injiniya, matasa sun gama cire dankali, hannunsu a sake yake. Mu ci gaba da haƙa zuwa Unguwar Ƙasa?"

"A dakata tukuna, Bobo. Kada a bar rami a buɗe shanu su faɗa."

"Me ake jira?"

"Takardu. Sai an amince daga Dushanbe."

"Oho, mutanen Dushanbe," in ji Bobo Safar, yana shafa gemu. "Su da ruwa ke zuwa musu har banɗaki, ina ruwansu da sauri."

Davlatyor ya yi murmushi, bai gyara masa ba. A hanyar komawa gida ya ji kamar kowa a motar yana kallon ƙeyarsa.

Gulandom ce ta fasa ƙwan. Tana murza ƙullin gurasa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ka daina cin abinci, ka daina yi wa labarai gardama. Ko dai aure za ka ƙara ne kake jin nauyin faɗa?"

Ya faɗa mata komai. Ta saurara har ya gama, ta share hannu a zane.

"Yanzu duk wannan ramar don kada yarinyar nan ta san ka yi kuskure ne?"

"Ba ki san abin da ta faɗa a gaban mutane ba."

"Na sani, sau nawa ka faɗa mini. To ita Bibisoro ta Unguwar Ƙasa, da take hawa gangaren nan da bokiti biyu, ita me ta faɗa a gaban mutane?"

Washegari, ana tsakiyar Oktoba, ya zauna ya rubuta sakin layin. Ya ce tsawon bututun da aka sa a kasafi bai kai ba saboda an ɗauko awon sashe na ƙarshe daga tsohuwar taswira ba tare da an je wurin an tabbatar ba, kuma shi, injiniyan aikin, shi ya yi hakan. Mavjuda ta karanta sau ɗaya, ta buga hatimi, ta tura ta kwamfuta, aka kuma aika da kwafin takarda ta hannun direban motar haya.

Bayan 'yan kwanaki Farangis ta bugo waya. Ya daɗe yana kallon sunanta kafin ya ɗauka. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi Inna Gulandom, sannan ta shiga aiki.

"Malam, na ga wasiƙa. Layin ziyara da na man mota ba matsala. Amma horaswa ba za su yarda a taɓa ba, don a cikin alƙawuran aikin akwai cewa kwamiti zai iya gyaran famfo da karɓar kuɗin ruwa. Ku duba wani wurin, ku sake turo jadawalin. Kuma ina buƙatar sabon zane da awon da aka yi a wurin."

"To."

"Sai tambaya ɗaya, don za su yi mini ita. Yaushe aka gano?"

"Ƙarshen Agusta."

Ya ji tana juya takardu.

"To, Malam," ta ce. "Zan yi iya ƙoƙarina su hanzarta. Amma ku haɗa da neman ƙarin wa'adi, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ba na jin za a gama bana."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya ce wa Mavjuda ta cike giɓin daga layin albashinsa na watannin da suka rage. Ta ce sai an rubuta cewa zai ci gaba da aikin duk da haka, kada su ɗauka aikin zai zauna babu injiniya. Aka rubuta. Ya koma kwazazzabon da igiyar awo da matasa biyu, ya auna zagayen, gwiwar na ciwo kamar da.

Amincewar ta iso a farkon Disamba, takarda mai shafi biyu da aka liƙa wa yarjejeniya, ya sa hannu, su ma suka sa. A lokacin dusar ƙanƙara ta rufe Sangob, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Unguwar Sama suna shan ruwan famfo, Unguwar Ƙasa kuwa suka sake yin hunturu a hanyar kogi, don ta fi musu kusa a kan su zagaya ta gada zuwa famfon. Ziyarar da aka yi wa kwamiti alƙawari ta sha ruwa. Bobo Safar, wanda ya riga ya ɗinka sabuwar riga saboda tafiyar, ya ce ba komai, zai sa ta da sallah.

A cikin watan Janairu Bibisoro ta zame a gangaren, ta karya wuyan hannu. Bazawara ce, 'ya'yanta maza suna ci-rani a Rasha, jikoki kuma suna hannunta. Davlatyor ya ji labari, ya yi kwana da kwanaki yana juya abin, sannan ya ɗauki buhun tuffa da sukari ya tafi. Ta karɓe shi kamar babban baƙo. Da hannu ɗaya ta shimfiɗa masa katifar zama kusa da murhu, ta sa surukarta ta kawo shayi da gurasa da man shanu.

"Ka wahalar da kanka, Injiniya, a wannan sanyin."

"Yaya hannun, Yaya Bibisoro?"

"Yana nan, ya huta da aiki. Ni dai kullum ina sa ka a addu'a. Mun san kai kana ta fama, su ne can suka zauna a kan takarda. Allah dai ya saka mana."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai surukar ta shigo da wani faranti, jikoki suka biyo ta, maganar ta wuce. Ya fito daga gidan bai faɗa ba.

Da ƙanƙara ta narke a Afrilu aka kawo bututun, unguwannin biyu suka fito gayya, cikin 'yan makonni ruwa ya isa Unguwar Ƙasa. Aka sa ranar buki. Aka dafa shinkafa da nama a babbar tukunya, aka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙarƙashin bishiyoyin tuffa, Farangis ta zo daga Dushanbe. Bayan an buɗe famfo an yi addu'a, Bobo Safar ya miƙe cikin sabuwar rigarsa. Ya yabi Injiniya har ya gaji, sannan ya juya ga baƙuwa yana murmushi.

"Ke kuma 'yata, mun gode. Amma idan kin koma ki faɗa wa manyanki, takarda ba ta jin sanyi, mu muna ji. Da kun sa hannu da wuri, da Bibisoro tana tafa mana da hannu biyu yau."

Aka yi dariya. Farangis ta sa hannu a ƙirji, ta sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, Bobo. Zan faɗa musu."

Ko kallon inda Malaminta yake ba ta yi ba. Wannan ne ya tashe shi tsaye. Sandarsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Bobo, ba laifinsu ba ne. Ni na yi kuskuren awo. Kuma wasiƙar a hannuna ta kwana, fiye da wata guda ban aika ba. Da na aika lokacin da ya kamata, da an gama kafin sanyi."

Sai Bobo Safar ya girgiza kai, ya dubi jama'a.

"Kun gani ko? Malami ke nan. Ba zai bari a taɓa ɗalibarsa ba ko da wasa. Zauna, Injiniya, shinkafa na hucewa."

Aka sake yin dariya, har da tafi. Wani ya miƙo masa sandarsa, wani ya tura masa ƙashi mai ɓargo gabansa. Ya dubi wajen mata. Bibisoro ba ta dariya. Tana kallonsa, tana murza wuyan hannunta da bai koma daidai ba, sannan ta juya ta ci gaba da zuba wa jikarta shayi. Bai san ko ta yarda da maganarsa ba, kuma bai taɓa samun ƙarfin tambayarta ba.

Farangis ta rage masa hanya zuwa gari. Sun yi nisa, duwatsu na ƙara a ƙarƙashin mota.

"Me ya sa kika karɓi laifin?" ya tambaye ta.

"Mun saba, Malam. Duk ƙauyen da na je, mu ne masu jinkiri. Sau da yawa ma gaskiya ne."

"Wannan karon ba gaskiya ba ne."

"Haka ne," in ji ta. "Wasiƙun nan kullum suna zuwa mini, har na gaji da karanta su. Awo yakan kuskure, farashi yakan tashi, ba wanda yake mamaki. Da kun bugo mini waya a Agusta, da a ranar zan ce ku turo."

Ya ce, "Na sani." Daga nan ta koma tambayarsa yadda kwamiti ke karɓar kuɗin ruwa, ya amsa mata har suka iso.

A rahoton ƙarshe na aikin, inda ake bayyana abin da ya jawo jinkiri, ya rubuta abin da ya faru da kwanakin watansa, Mavjuda ta haɗa da lissafi, masu bincike suka zo suka duba ba su sami abin cirewa ba. Gidauniyar ta sake ba su wani aikin bayan shekara guda, ƙarami, da sharaɗin wani injiniya daga waje ya duba awon kafin a sa hannu. Wanda aka turo yaro ne da bai kai shekarun ɗansa ba. Davlatyor ya riƙe masa bakin igiya, ya amsa duk tambayoyinsa.

Yanzu ya bar wa Mavjuda shugabancin ƙungiyar, yana zuwa ofis ne idan akwai zane. Mutanen Sangob suna aiko masa da buhun dankali duk kaka, Gulandom ce take karɓa ta yi godiya. Idan aikin gyara ya kai shi ƙauyen yakan duba ma'ajiyar ruwa, ya sha shayi a gidan Bobo Safar, idan an ce ya gangara Unguwar Ƙasa ya ga famfo sai ya ce gwiwa ta hana, ya tura wani.